Bin Bashi da Takarda: Tuni Uku ga Wanda Ya Karɓi Kaya Bai Biya Ba

Yawancin masu ƙananan sana'o'i sun iya aikinsu, sun iya ciniki, amma idan ranar biya ta wuce shiru sai hannunsu ya yi sanyi. Kunya takan hana su magana wata ɗaya, wata biyu, suna gaisawa da mai bashin a masallaci ko wurin ɗaurin aure ba su ce komai ba. Ranar da haƙuri ya ƙare kuwa sai su ɗauki waya su zazzage duk abin da ke cikinsu. A nan ne ake asarar abu biyu lokaci guda: kuɗin bai fito ba, mutumin kuma ya sami hujjar cewa an ci masa mutunci. Tsakanin wancan dogon shiru da wannan faɗa akwai hanyar da 'yan kasuwa masu tsari suke bi, wato tuni a rubuce har sau uku, kowanne ya fi na bayansa nauyi. Abin da nake son mai karatu ya gani shi ne inda nauyin yake fitowa. Ba daga zafin kalma yake fitowa ba. Ladabin takarda ta uku daidai yake da na ta farko. Abin da ke sauyawa shi ne abin da ake nema, da ranar da aka yanke, da abin da zai biyo baya.

Mu ɗauki misalin wani mai gidan buga takardu a Kano, da wata makaranta mai zaman kanta da ta ba shi aiki kafin a koma hutu. An buga littattafan rubutu 1,200 masu sunan makarantar a kan naira 650 kowanne, kuɗinsu naira 780,000. An kuma buga katin sakamakon jarrabawa 600 a kan naira 300, kuɗinsu naira 180,000. Jimla naira 960,000. Makaranta ta ba da kafin alƙalami naira 360,000, saura naira 600,000. An kai kaya ranar 2 ga Satumba, mai kula da sito ya ƙirga ya sa hannu a takardar karɓar kaya, aka miƙa takardar neman biya, wato inbois, mai lamba 0147, wadda ta ce a biya cikin kwana 30. Ranar biya ke nan 2 ga Oktoba. Ranar ta zo ta wuce, babu alat, babu waya.

Kafin mai ɗab'in ya rubuta komai, akwai ɗan bincike da ya kamata ya yi a shagonsa. Ya duba bayanan asusunsa na banki sosai, domin sau da yawa kuɗi yakan shigo da sunan da ba a sani ba, akanta ya turo daga asusunsa na kansa ko matar mai makaranta ta turo. Babu abin da ke karya mai bin bashi irin ya yi tuni a kan kuɗin da aka riga aka biya. Ya kuma tabbata takardar neman biyan ta isa hannun mai biya. Wanda ya ba da aiki daban, wanda ya karɓi kaya daban, wanda ke sa hannu a fitar da kuɗi daban. Idan takardar tana cikin aljihun teburin mai sito tun Satumba, to a wurin akanta babu wani bashi. Sannan ya haɗa takardunsa wuri ɗaya: saƙon da aka ba da aikin, takardar karɓar kaya mai sa hannu, inbois, da shaidar kafin alƙalamin da aka biya.

Takarda ta farko

Ba a jiran wata guda. Kwana uku zuwa bakwai bayan ranar biya ya isa. A misalinmu akwai dalili na musamman na hanzari: makarantar kuɗi tana samun kuɗinta ne a makonnin farko na zango, lokacin da iyaye ke biyan kuɗin makaranta. Wanda ya yi kawaici har Disamba zai tarar albashin malamai da kuɗin haya sun cinye abin da aka tara, sai a ce masa ya jira zango na biyu. Kowane irin abokin ciniki yana da lokacin da kuɗi ke shigo masa, ma'aikaci ƙarshen wata, manomi kaka, ɗan kwangila ranar da aka biya shi. Mai tuni ya san wannan lokaci ya sa takardarsa ta riga shi isa.

Ga abin da mai ɗab'in zai aika ranar 6 ga Oktoba, ta WhatsApp ko imel, zuwa ga akanta:

"Assalamu alaikum Malam. Da fatan kuna lafiya, ya aiki, ya ɗalibai? Ina tuni ne a kan inbois mai lamba 0147 na littattafan rubutu 1,200 da katin sakamako 600 da muka kawo ranar 2 ga Satumba. Jimlar kuɗin naira 960,000, an biya naira 360,000, saura naira 600,000, wanda ranar biyansa ta kasance 2 ga Oktoba. Na san farkon zango hidima tana da yawa, wataƙila abin ya shige ne. Na haɗo hoton inbois ɗin da lambar asusunmu. Idan an riga an tura, don Allah a turo mini shaidar in gyara lissafina. Na gode, Allah ya ƙara ɗaukaka makaranta."

Wannan takarda ta ɗauka cewa mantuwa ce, kuma ta faɗi hakan a fili. Ba munafunci ba ne, domin a gaskiya da yawa daga cikin jinkirin biya mantuwa ce ko takarda ce ta maƙale a teburin wani. Ko da ba mantuwa ba ce, an bai wa mutum ƙofar da zai fita ba tare da ya ji kunya ba: ya ce wallahi ya shige, ya biya, a ci gaba da hulɗa. Amma a lura, duk da taushinta ba ta bar komai a duhu ba. Lambar inbois, adadin kuɗi da ranar biya duk suna ciki. Kuskuren da na fi gani shi ne saƙo irin na "Malam, ina tuni a kan maganar nan tamu." Wace magana? Nawa ne? Mai karɓar irin wannan saƙo zai amsa da "in sha Allahu" ya ajiye waya, kuma bai yi ƙarya ba, domin ba a tambaye shi komai ba.

Wani abu kuma da za a guje masa shi ne ba da haƙuri fiye da kima. "Don Allah a yi haƙuri da damuwa, wallahi ba don matsi ba da ban yi magana ba" yana mai da mai haƙƙi tamkar mai roƙo. Haka nan kawo labarin kuɗin asibiti ko kuɗin makarantar yara. Bashin ya wajaba a biya ne domin an karɓi kaya, ko mai kayan yana cikin matsi ko ba ya ciki. Da zarar ka jingina neman kuɗinka da buƙatarka, ka ba wa ɗayan damar auna buƙatarka da tasa, kuma a ma'auninsa tasa ce za ta rinjaya.

Takarda ta biyu

A ce akanta ya amsa da "To, za a duba," sannan shiru har mako biyu. A nan ne aikin gaske yake, kuma wannan mataki ne ya fi cancantar a tsaya a kansa. Yanzu batun mantuwa ya ƙare, domin an tuna musu sun kuma amsa. Abin da mai ɗab'in yake buƙatar sani shi ne dalilin rashin biyan, kuma dalilan ba su wuce uku ba: ko suna da ƙorafi a kan kayan ko lissafin, ko ba su da kuɗin a yanzu, ko suna da shi amma sun sa wasu a gabansa. Kowanne da maganinsa, kuma takarda ta biyu an gina ta ne domin ta tilasta dalilin ya fito fili.

Kafin a aika, a kira waya. Murya tana nuna abin da rubutu ke ɓoyewa, kuma a al'adarmu babban mutum yakan ji nauyi idan takarda ta same shi ba tare da an fara gaishe shi ba. Amma waya ba ta maye gurbin takarda. Bayan an gama magana sai a rubuta abin da aka ce a aika, domin maganar baka ba ta da shaida. Wannan karon kuma takardar ta haura sama, zuwa ga mai makarantar da kansa, a ba akanta kwafi. Ranar 20 ga Oktoba:

"Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Bayan gaisuwa da fatan alheri. Na rubuto ne a kan ragowar naira 600,000 na inbois mai lamba 0147, wanda ya kamata a biya ranar 2 ga Oktoba. Yau kwana 18 ke nan da wucewar ranar. Na aika tuni ga akanta ranar 6 ga Oktoba, ya ce za a duba, amma har yanzu kuɗin bai shigo ba. Idan akwai wata matsala a kan kayan ko a kan lissafin, ina roƙon a sanar da ni a rubuce domin mu warware ta. Idan babu, ina neman a biya nan da ranar 27 ga Oktoba. Idan kuma biya gaba ɗaya zai yi wuya a yanzu, a faɗa mini nawa za a iya bayarwa da ranakun da za a cika sauran, mu rubuta mu sa hannu. Ina jiran amsarku kafin ranar. Na gode, Allah ya ƙara girma."

Gaisuwa tana nan, "ranka ya daɗe" yana nan, addu'a tana nan. Abin da ya fita shi ne uzurin da aka ba su a ta farko. Abin da ya shigo kuwa tarihi ne da rana: an ƙirga kwanakin jinkiri, an ambaci tunin da ya gabata, an yanke wa'adi. Wa'adin kuma rana ce da za a iya nunawa a kalanda. "Nan ba da jimawa ba" ko "cikin gaggawa" ba wa'adi ba ne, domin babu ranar da za a ce an saɓa shi.

Jumlar da ke tambayar ko akwai matsala a kan kayan tana da amfani biyu. Idan da gaske akwai, misali katin sakamako 50 sun fito da tambarin makaranta a karkace, gara a ji yanzu. Sai a cire kuɗinsu, naira 15,000, ko a sake buga su, a nemi sauran naira 585,000 da babu gardama a kansu. Ƙorafi a kan ɗan ɓangare ba ya halatta riƙe duka. Idan kuwa babu matsala, shirun da suka yi bayan an tambaye su a rubuce zai yi wa mai ɗab'in amfani ranar da wani ya tashi a gaban alƙali ya ce ai kayan ba su da kyau. Wani lokaci kuma za ka ga an biya amma kuɗin bai cika ba, a ce an cire harajin da doka ta sa manyan kamfanoni da hukumomi su riƙe daga kuɗin ɗan kwangila. Wannan ba cuta ba ce in an yi shi bisa ƙa'ida, amma ka nemi takardar shaidar cewa an miƙa kuɗin ga hukumar haraji da sunanka.

Tayin biya kashi-kashi shi ne ke raba wanda ba shi da hali da wanda ba ya so. Addinin Musulunci ya raba su tun tuni. Aya ta 280 a Suratul Baƙara ta yi umarni a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya sami sauƙi, hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito kuma ya kira jinkirin mawadaci zalunci. Matsalar mai bin bashi ita ce daga shagonsa ba ya iya gane wanne ne a gabansa, domin dukansu "a ƙara haƙuri" suke cewa. Amsar wannan tayi ita ke nunawa. Wanda ke cikin matsi na gaskiya yakan karɓe shi hannu biyu, ya faɗi adadi ko da kaɗan ne, ya faɗi rana, yakan ma kira ka tun kafin ranar idan ya ga ba zai cika ba. Mai taurin bashi ba ya son lamba. Zai yi maka doguwar gaisuwa, ya tuna maka shekarun da kuka yi tare, ya ce "kada ka damu, kamar a aljihunka yake," amma ba zai furta rana ba. Idan ya furta, ba zai yarda ya rubuta ba. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, don haka ba a raina mutum saboda ana binsa. Amma ƙin faɗin rana alama ce da bai kamata a kau da kai daga gare ta ba.

A ce a misalinmu mai makaranta ya turo naira 150,000 ranar 24 ga Oktoba, ya rubuto cewa sauran zai biya ƙarshen wata. Mai ɗab'in ya amsa nan take: ya yi godiya, ya ce ya karɓi naira 150,000, saura naira 450,000, kuma ya fahimci za a biya ranar 31 ga Oktoba. Wannan gajeren saƙo yana da daraja ƙwarai. Biyan wani ɓangare tare da alkawari a rubuce amincewa ce da bashin, kuma daga nan zai yi wuya a musanta shi. A ajiye saƙon, a ɗauki hotonsa, kada a sauya waya a bar shi ya ɓata. Dokar Shaida ta Nijeriya ta 2011, a sashe na 84, ta ba da damar kotu ta karɓi shaidar da ta fito daga waya ko kwamfuta idan an cika sharuɗɗanta.

Akwai masu cewa a ƙara wani kaso a kan kuɗin saboda jinkiri. A Birtaniya doka ce ta ba da wannan tun 1998: ɗan kasuwa yana iya ɗora kashi 8 cikin ɗari a kan ma'aunin ruwan Babban Bankin Ingila idan wani ɗan kasuwa ya jinkirta masa biya. Ga Musulmi kuwa ƙari a kan bashi saboda an ƙara lokaci shi ne ainihin riba da aka haramta. Ko a gaban kotu ma, ƙarin da ba a yi yarjejeniya a kansa tun farko ba yakan jawo gardamar da ba a buƙata. Illar jinkirin dai gaskiya ce. A 2024 hauhawar farashi a Nijeriya ta haura kashi 30 cikin ɗari, ma'ana kuɗin da aka riƙe maka wata shida ba zai sayo takarda da tawadar da zai saya ranar da ya kamata a biya ka ba. Tun da ba za ka ɗora ƙari ba, abin da ya rage maka shi ne kada ka bar kwanakin su yi yawa.

Takarda ta uku

31 ga Oktoba ta wuce. An kira sau biyu ba a ɗauka ba. Kafin takarda ta ƙarshe, mutanenmu suna da wani mataki da nake ganin bai kamata a tsallake shi ba, wato sa baki. A nemi wanda mai bashin ke jin nauyinsa, wanda ya haɗa ku tun farko, ko shugaban ƙungiyar sana'a, ko limamin unguwa, a nuna masa takardun a asirce. Sau da yawa a nan maganar ke mutuwa. Idan bai yi ba, sai a rubuta ta uku, kuma wannan karon a kan takarda mai tambarin shago, da sa hannu. A kai ta hannu da hannu, wanda ya karɓa ya sa hannu da kwanan wata a kan kwafi, ko a aika ta kamfanin kai saƙo da ke ba da shaidar isarwa. A rubuta ta da sunan da ke kan takardar ba da aiki, domin idan makarantar kamfani ce mai rajista, ita ake bi, ba mai ita ba. Idan wurin da Turanci suke aiki, a yi ta da Turanci a haɗa da Hausa. Ranar 10 ga Nuwamba:

"Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Wannan ita ce takarda ta ƙarshe a kan ragowar kuɗin inbois mai lamba 0147. Mun kawo kaya na naira 960,000 ranar 2 ga Satumba, aka karɓa aka sa hannu. An biya naira 360,000 kafin aiki, da naira 150,000 ranar 24 ga Oktoba. Saura naira 450,000. Ranar biya ta wuce da kwana 39. Na yi tuni ranar 6 da ranar 20 ga Oktoba, kuka yi alkawari a rubuce za ku cika ranar 31 ga Oktoba, ba a cika ba. Ina neman a biya naira 450,000 a asusun da ke ƙasa nan da ranar 24 ga Nuwamba, kwana 14 daga yau. Idan ranar ta wuce ba a biya ba, kuma ba mu sa hannu a kan wani tsarin biya ba, zan shigar da ƙara a kotun ƙananan basussuka ba tare da wani tuni ba. Haka kuma mun dakatar da karɓar sabon aiki daga makarantar sai an kammala biya. Ba haka na so ba, kuma ƙofata a buɗe take har zuwa ranar. Na gode."

Babu zagi a ciki, babu "kun ci amana," babu "Allah ya isa." Duk jumlar da ke cikinta abu ne da za a iya tabbatarwa da takarda. Dalili shi ne wannan wasiƙa tana da masu karatu biyu: mai makaranta a yau, da alƙali wataƙila nan da wata biyu. Duk kalmar da ba za ka so a karanta da ƙarfi a gaban kotu ba, cire ta.

Kotun da aka ambata ba barazanar banza ba ce. Jihar Legas ta buɗe kotunan ƙananan basussuka a 2018, Kano ta bi sahu a 2019, wasu jihohi da dama suka biyo baya. Suna zama ne a ƙarƙashin kotunan majistare, kuma lokacin da aka fara su iyakar abin da suke saurare naira miliyan 5 ne. An tsara su yadda mutum zai iya tsayawa da kansa ba tare da lauya ba, da nufin a gama shari'a cikin kwana 60. Sharaɗin shiga shi ne mai ƙara ya fara aika wa wanda yake bi takardar neman biya ta ƙarshe, kuma akwai fom na musamman na wannan a ofishin rajistara. Yana da kyau ka leƙa can tun kafin ka rubuta ta uku, ka karɓi fom ɗin, ka tambayi iyakar kuɗin da ake karɓa yanzu da kuɗin shigar da ƙara. A jihohin da ke da kotunan Shari'a, Musulmi biyu suna iya kai maganar bashi can. A Nijar, Chadi da Kamaru kuwa, dokar kasuwanci ta bai-ɗaya ta ƙungiyar OHADA ta tanadi gajeriyar hanya inda alƙali ke ba da umarnin biya idan bashin tabbatacce ne, adadinsa sananne, kuma lokacinsa ya yi. A ko'ina dai takardun nan uku su ne jarin mai ƙara.

Ƙa'idar da ba a karyawa a wannan mataki ita ce kada ka ambaci abin da ba za ka yi ba. Idan ka ce za ka je kotu ranar 25 ga Nuwamba, sannan ranar ta zo ka aika "tuni na ƙarshe" karo na biyu, ka koya wa mutumin cewa wa'adinka ba wa'adi ba ne, kuma takarda ta huɗu da ta biyar ba za su fi ta farko nauyi ba. Wanda ya san a ransa ba zai iya kai wannan mutum kotu ba, saboda zumunta ko saboda kuɗin bai kai wahalar ba, to ya ambaci abin da zai iya: dakatar da aiki, ko kai magana gaban shugabannin ƙungiya.

Abu biyu ne mutane ke yawan yi a nan waɗanda ke juyowa kansu. Na farko kai ƙara wurin 'yan sanda domin a tsorata mai bashi. Bashi na ciniki ba laifi ba ne da ake kama mutum a kansa. Dokar 'Yan Sanda ta 2020, sashe na 32, da Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015, sashe na 8, duka sun hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai, kuma kotuna sun sha cin tarar wanda ya sa aka tsare abokin cinikinsa. Inda abin ya bambanta shi ne idan an ba ka cek ya dawo babu kuɗi a asusun, domin dokar 1977 ta mai da wannan laifi mai ɗaurin shekara 2. Na biyu shi ne tona asiri: sa sunan mutum ko hotonsa a Facebook, ko a zauren WhatsApp na iyayen yara. Wannan yana iya jawo maka ƙarar ɓata suna, kuma yana kashe abin da ya fi sa mai mutunci biya, wato tsoron kada a ji. Wanda aka riga aka kunyata ba shi da sauran abin da yake karewa.

Idan takarda ta uku ta yi aiki, sau da yawa ba da cikakken kuɗi take zuwa ba, da tayi take zuwa. A ce mai makaranta ya aiko akanta ranar 20 ga Nuwamba da shawarar biyan naira 150,000 sau uku. Karɓa ya fi, in dai an rubuta: jimlar bashi naira 450,000, kashi na farko a yau, na biyu 20 ga Disamba, na uku 20 ga Janairu bayan an koma makaranta, da sharaɗin cewa idan aka saɓa kashi ɗaya sauran duka ya wajaba nan take. Su biyu su sa hannu, shaidu biyu su sa hannu, kowa ya riƙe kwafi. Wanda ya ce rubutu rashin yarda ne, a tuna masa cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Kashi na farko kuma a karɓe shi a wurin zaman, domin tsarin biya da ya fara da alkawari tsohon jinkiri ne aka sake wa suna.

Haƙƙin kai ƙara ma yana da wa'adi. A Nijeriya dokokin jihohi sun ba mai bin bashin ciniki shekara 5 ko 6, gwargwadon jiha, daga ranar da biya ya wajaba, bayan haka kotu ba za ta saurare shi ba ko da takardunsa sun cika. Biyan wani ɓangare ko amincewa da bashin a rubuce yakan sa a fara ƙirga daga farko. Don haka mai karatu da ke da tsofaffin inbois a cikin durowa, ya fito da su yau ya duba kwanan watan kowanne, ya fara da wanda ya fi daɗewa.